Talatu, Na Kawo Kaina

Assalamu alaikum, Hajiya Talatu, uwar ɗakina, Bafillatanar Tumfure.

Kafin ki ce komai, ki sani a durƙushe nake rubuta wannan saƙon. To, ba a ƙasa ba dai, a kan katifa ne, kin san gwiwata tun haihuwar Ilham ba ta son siminti. Amma durƙuso ne, Allah ya gani.

Na manta. Ba zan yi kwana-kwana ba, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Laraba ta zo ta wuce, Alhamis ta bi ta, Juma'a ma haka, sai yau Asabar da hantsi ina tsakiyar tankaɗen garin tuwo na ga hoton da ƙanwarki ta saka, kina zaune gaban kek sanye da leshi ruwan zuma, an rubuta 29 a sama. Wallahi rariyar ce ta fara faɗuwa kafin gabana ya bi ta.

Na zauna na yi ta laluben ƙaryar da zan yi miki. Na ce ko in ce wayata ta faɗa a ruwa, sai na tuna kin ga ina ta saka hotunan ɗinkuna duk satin nan. Na ce ko in ɗora wa rashin wuta, sai na tuna da bakina na yi miki burgar mun sa sola. Na yi tunanin in ce ai ni yanzu da lissafin watan Musulunci nake amfani, kuma a nan saura. Sai na ji tsoron ki tambaye ni yau nawa ga wata, don ban sani ba.

Abin da ya fi ba ni kunya shi ne irin ranar da na manta. Da a ce 17 ga wani wata ne da babu ruwan kowa da shi, da na samu bakin magana. Amma 1 ga Oktoba! Ranar da Najeriya kaf take hutu. An rufe banki, an rufe ofisoshi, an yi ta jawabi a rediyo, tuta ko'ina. Gwamnatin tarayya da kanta ta ba ni hutu don in kira ki, ni kuwa na kwashe hutun na kai wa mai kitso. Kuma ke ba ranar 'yancin kai kawai kika haɗa ba: an haife ki ranar Talata, 1 ga Oktoban 1996, ranar da Janar Sani Abacha ya yanke Gombe daga jikin Bauchi. Sau nawa Inna ta ba mu labarin nan, cewa tana naƙuda mutanen gari na murnar samun jiha, har ta ɗauka ke ake wa guɗa? Ke da jiharku sa'o'in juna ne. Mutum ya manta da ranar haihuwar jiha guda da aminiyarsa a lokaci ɗaya, ai wannan ba mantuwa ba ce, baiwa ce.

Yanzu ga wanda ya fi muni, gara in faɗa da kaina tunda na san kina riƙe da shi. Na koma na duba hirarmu. Ashe ranar Larabar na yi miki magana. Ƙarfe 11 da minti 6 na safe. Ban ce barka ba, ban ce Allah ya ƙaro shekaru ba. Cewa na yi: "Ƙawata, don Allah nawa buhun wake yanzu a Tudun Hatsi?" Kika sa aka tambayo, kika faɗa mini. Sannan kika rubuta: "Shi ke nan? Babu wani abu kuma?" Ni kuma, baiwar Allah, na ce: "Shi ke nan, na gode, a gaida yara."

Talatu, ƙofa kika buɗe mini wangwam, na leƙa, na tambayi kuɗin wake, na ja miki ita na tafi.

Kuma ke ma da naki, kodayake laifi tudu ne, bai kamata in taka nawa in hango naki ba. Amma kwana uku kina mini fillanci! Jiya har dariya kika turo mini a kan hoton Ilham. Da ni ce aka yi wa haka, kin san halin Barebari, da tun azahar ɗin Laraba na kira ki na sauke miki kwandon magana har katina ya ƙare. Ku kuwa sai ku yi shiru, ku yi murmushi, ku bar mutum ya dafu a cikin ruwansa. Na dafu, ranki ya daɗe. Na yi luguf.

Bari in ajiye wasa kaɗan. Abin ya dame ni ƙwarai, don na san wace ce na manta. Tun muna ɗaki ɗaya a Gwallameji, muna raba gari da ƙuli a ƙarshen wata, ba ki taɓa barin ranata ta wuce ba. Ke ce mai kira tun kafin in idar da sallar asuba, ki yi mini addu'a doguwa kamar ta limamin Juma'a. Lokacin da Mama ta kwanta asibiti, ban ce ki zo ba, faɗa miki kawai na yi. Washegari sai ga ki da kular abinci da tabarma, kin bar yara wajen Inna, kika kwana uku a barandar nan sauro na cin ki, kina ce mini in je in runtsa ke za ki zauna da ita. Mai irin wannan hali ba ta cancanci a tambaye ta kuɗin wake a ranarta ba. Ban kyauta ba. Ki yafe mini don Allah.

Ga tarar da na yanka wa kaina, in ba ta yi miki ba ki ƙara. Asabar mai zuwa, in Allah ya kai mu, da sassafe zan biya Wunti a zuba mini masa mai zafi, da miyarta da yaji daban, in naɗe kular da tawul. Zan shiga motar farko, kuma na yi alkawarin ba zan buɗe ta ba har mu wuce gadar Dindima. Daga Alkaleri zuwa gaba kuma ban ɗauki alkawari ba, ɗan Adam ajizi ne. Akwai turmin atamfa da na riga na ware miki, ni zan ɗinka da hannuna, kuma ba irin ɗinkin sallar bara da kika karɓa bayan layya ba. Zan yi miki wanke-wanke, zan goya auta, zan saurari labarin dangin mijinki daga farko har ƙarshe ba tare da na ce "ai kin taɓa faɗa mini" ba.

Na kuma ɗauki mataki saboda baɗi, tunda 30 za ki cika kuma ba na son a kai ni gaban Sarki. Na sa ƙararrawa uku a waya, na rubuta a bangon shago kusa da awon kwastomomi, na kuma gaya wa Baban Ilham ya tuna mini. Wannan na ƙarshen dai kada ki dogara da shi, mutumin da har yau yake tambayata shekarar aurenmu.

Allah ya ƙara miki lafiya da nisan kwana mai albarka, ya raya miki zuri'a, ya bar mana Inna, ya kai ki Makka ki dawo da haƙori mai ƙyalli. Barka da shekara 29 da kwana uku, aminiyata.

In kin huce, turo mini ko da alamar dariya ɗaya ce. In ba ki huce ba, ki bari sai kin ci masar.

Taki mai laifi,
Falmata

Af, waken nan fa, har yanzu kuɗinsa na nan yadda kika faɗa? Tunda dai zan shigo garin.