Alawar Ummi

Da kuɗi abin ya fara. Baba zai ajiye dubu biyu a ƙarƙashin filo, anjima ya fito tsakar gida yana faɗa wai an sace mai, har ni sai da ya kira ɓarauniya, ni da tun rasuwar Umma ko ruwa bai sha sai daga hannuna. Ranar na shiga banɗaki nai kuka na ƙoshi, sannan na fito na ɗora mai koko.

Dangi kowa da nashi, Gwaggo ta ce sammu ne, Kawu Sani ya ce rikicin tsufa ne kawai a barshi, an sha rubutu an yi hayaƙi har labulen ɗakin ya koma ƙamshin habbatussauda. Sai da muka je asibiti likita ya tambayeshi wace shekara muke, Baba ya gyara hula ya ce ai Shagari ne a sama. Likitan ya ce ciwon mantuwa ne, ƙwaƙwalwa ce ke lalacewa a hankali, magani zai iya ɗan sassautawa amma ba ya warkarwa.

Mutumin da ya yi shekara 40 yana ɗinki a Fagge yau maɓallin rigarsa sai na saka mai. Amma fa in ya ta da sallah Fatiha da Ƙulhuwallahu ba gargada, sai dai azahar ɗaya ya yi ta sau uku, ni kuma na daina gyara mai.

La'asar ce tashin hankalina. Rana na yin sanyi zai hau neman takalmi.

"Baiwar Allah ina takalmina? An tashi su Ummi daga islamiyya, in ban je ba kuka take."

Ni ce Ummin. Sunan mahaifiyarsa gareni shi ya sa bai taɓa kiran sunana na yanka ba. Da farko nakan ce Baba ai gani, sai ya ƙura min ido ya tsorata, wani lokacin har ya ɗaga min sanda. Sau ɗaya ya sulale ya fita, sai bayan isha'i wani mai adaidaita ya dawo mana dashi, Allah ya taimaka na ɗinke lambar wayata a cikin aljihunsa.

Yanzu hijabi kawai nake zurawa in ce muje in raka ka Alhaji. Jiya mun tsaya shagon bakin layi ya ce a bashi alawa ta sule biyu, mai shagon ya riga ya sani, ya miƙo mai, ni na biya ta bayan fage. Mun zagaya mun dawo, a zaure ya kamo hannuna ya danƙa min ita.

"Ki ajiye wa Ummi, kar ki sha mata fa."

Na ce to Baba, in ta dawo zan bata.