Kuskure a manhajar lissafin maki: tana zubar da abin da ke bayan waƙafi

Assalamu alaikum Malam,

Ina fatan kana lafiya tare da iyali, kuma aiki yana tafiya daidai. Sunana Rakiya Abdu, ɗaliba a shekara ta biyu ta sashen ilimin kwamfuta. Na rubuto ne game da ƙaramar manhajar lissafin maki da ka raba mana a farkon wannan zango, domin akwai kuskure a cikinta wanda zai iya nuna ɗalibi ya faɗi alhali ya ci, kuma na ga ya dace ka sani kafin a liƙa sakamako.

Matsalar tana wajen karanta lambar da aka shigar. Ƙa'idar lissafin kanta daidai take: gwajin tsakiyar zango yana ɗaukar kashi 40 cikin ɗari, jarrabawar ƙarshe kashi 60, maki bisa 20. Sai dai idan mutum ya rubuta makinsa da waƙafi, kamar yadda aka koya mana tun firamare kuma kamar yadda malamai suke rubutawa da jan biro a saman takardunmu, manhajar takan riƙe lambar da ta zo kafin waƙafin, ta zubar da sauran ba tare da ta yi wani gargaɗi ba.

Ga misalin da na gwada. Na sa 11,5 a gwaji da 9,25 a jarrabawa. Da na lissafa da hannu, kason gwaji ya ba da 4,6, na jarrabawa ya ba da 5,55, jimla 10,15, wato ɗalibi ya haye. Manhajar kuwa ta fitar da 9,8 tare da kalmar Ajourné, wato ya faɗi, domin 11 da 9 kawai ta yi aiki da su. Da na sake shigar da lambobin da ɗigo maimakon waƙafi, sai ta ba da amsar da ta dace, ta rubuta Admis.

Na buɗe fayil ɗin na duba, sai na tarar da tushen abin a wannan layi:

```js
const note = parseFloat(champ.value);
```

Kamar yadda ka sani, parseFloat ɗigo kaɗai ya sani a matsayin mai raba cikakkiyar lamba da ɓangarenta, kuma da zarar ya ci karo da alamar da ba ta cikin lamba sai ya tsaya nan, ya miƙo abin da ya riga ya karanta. Wannan ne ya sa kuskuren yake da wuyar ganewa, tunda amsar da ke fitowa ba ta yi nisa da gaskiya ba, kuma duk wanda makinsa cikakkiyar lamba ce ba zai taɓa lura da komai ba.

Abin da ya fi damuna shi ne, kuskuren kullum rage maki yake yi, ba ya ƙarawa. Ragin bai kai maki ɗaya ba, amma ga wanda yake bakin gaɓa, wannan ɗan abin shi ne tsakanin cin darasi da komawa zagaye na biyu na jarrabawa. Haka kuma yana iya sauke ɗalibi daga matakin yabo a kan iyakokin 12, 14 da 16. Akwai ƴar ajinmu da ta kwana cikin damuwa bayan ta ga 9,8 a allon salularta, har ta fara shirin sanar da gida cewa ba za ta samu zuwa hutu da wuri ba.

Gyaran da na gwada a kwamfutata, kuma ya yi aiki, shi ne wannan:

```js
const texte = champ.value.trim().replace(",", ".");
const note = texte === "" ? NaN : Number(texte);
```

Na zaɓi Number ne saboda yana mayar da NaN idan rubutun ba lamba ba ne, ta yadda manhajar za ta iya neman a sake shigarwa. Na ware gurbin da aka bari babu komai, domin Number yana ɗaukarsa sifiri. Zai yi kyau kuma a ƙi karɓar abin da ya gaza 0 ko ya wuce 20.

Idan har an yi amfani da wannan manhaja wajen haɗa sakamakon ajinmu, ina roƙon a sake lissafin, a fara da waɗanda suka samu tsakanin 9 da 10, tunda a cikinsu ne kawai za a iya samun wanda ya ci aka nuna ya faɗi. Na haɗo fayil ɗin da na gyara da hotunan allo na misalin da ke sama. Idan ka ba ni izini, zan zo ofishinka ranar Talata bayan darasin safe in nuna maka.

Na gode ƙwarai, Malam. Allah ya ƙara girma.

Ɗalibarka,
Rakiya Abdu
Damagaram