Ƙawata, ga wuraren da ban gane ba a jingarmu

Salamu alaikum ƙawata, barka da yamma. Ya jikin Mama? Allah ya ƙara sauƙi.

Jiya da daddare na zauna na karanta daftarin jingarmu har sau biyu. Sashenki na gyada shi ne ƙashin bayan aikin, kuma kin tono abubuwa masu kyau. Sai dai akwai wuraren da ke kin san abin da kike nufi, amma takardar ba ta faɗa ba. Ban taɓa miki ko kalma ɗaya ba, na dai shafa musu launin rawaya.

Duba shafi na 3, inda kika ce: "Da ya iso Kano sai suka koma gyada domin ta fi musu." A jimlar da ke gabanta kin ambaci Bature, kin ambaci jirgin ƙasa. To wane ne ya iso? Idan Turawan mulki ne, wannan 1903 ke nan, idan kuma jirgi ne, akwai shekaru takwas a tsakani. Su wa kuma suka koma gyada, manoma ko fatake? Nan ne fa zuciyar labarin. Auduga Turawa suka sa rai za su riƙa kwasa a jirgin, sai manoman ƙasar Kano suka karkata ga gyada, don ta fi kuɗi a lokacin, ga haraji ana biya da tsaba, kuma ko kasuwarta ta faɗi ana iya ci a gida. Fataken goro kuwa suna da jari da yara a ƙauyuka, shi ya sa suka shiga saye da wuri. Duk wannan kin bayyana mana shi da baki ranar da muka zauna a ƙarƙashin darbejiya, har kowa ya gamsu. Don Allah ki zuba shi a rubuce kamar yadda kika faɗe shi, ko da zai ci sakin layi guda.

Shekarar jirgin ma, a nan kin sa 1911, a shafi na 4 kuma 1912. Ki nuna cewa a 1911 layin dogo ya iso, a 1912 aka buɗe shi ga jigila, don kada Malam ya ɗauka tuntuɓen alƙalami ne.

Sai maganar Alhassan Ɗantata. "Ya yi wa kamfani aiki" na sa mai karatu ya zaci ɗan albashi ne, alhali attajiri ne mai jarinsa da ke sayo gyada yana sayar wa kamfanin Turawa. Kuma wane kamfani? Idan UAC kike nufi, sai a 1929 aka kafa shi, kafin nan kamfanin Neja ne.

Wanda ya fi tsaya mini a rai yana shafi na 6, kan dalar gyada: "Zuwan mai shi ya kashe dala." Wallahi karatun farko man gyada na fahimta, wato masana'antun matsar mai na Kano sun riƙa shanye gyadar kafin a tara ta. Sai da na kai ƙasa na ga kamar man fetur kike nufi. Matsalar ita ce duka biyun suna da ma'ana, don haka dole ki fito fili. Idan fetur ne, ki faɗi ta yaya: hankalin gwamnati ne ya bar noma, ko matasa ne suka bar gona suka nufi birni? Sannan farin farkon shekarun 1970 da cutar da ta afka wa gyada a 1975 kin jefa su cikin rabin layi a ƙarshe, kamar ba su da nauyi, alhali su suka karya manomi kai tsaye. Ban da haka, ba mu taɓa gaya wa mai karatu me ya sa ake yin dalar ba tun farko, cewa buhuna ne ke jiran taragon da zai kai su Legas. In bai san dalilin tashinta ba, ba zai gane dalilin ɓacewarta ba.

Litinin za mu miƙa. Ko za mu haɗu ranar Laraba bayan Azahar a laburare mu gyara tare? In jinyar Mama ba za ta bar ki ki fito ba, ki yi mini saƙon murya da bayanin, ni zan buga, ki duba. Ki kuma karanta gabatarwar da na rubuta, musamman sakin layi na biyu, ki shafa wa duk inda bai fita ba launi yadda na yi miki.

A gaida Mama da jiki.