Zuwa ga Sadiya: yadda za ki yi miyar tumatir da kayan gwangwani

Assalamu alaikum Sadiya, ɗiyata. Ya karatu, ya sanyi? Na ga saƙonki da hoton miyar da kika ce ta ƙi ciwuwa. Tun daga hoton ana ganin matsalar: ruwa ya kwanta a gefen faranti, launinta ruwan goro, kuma babu ko alamar mai a samanta. Miyar ba ta soyu ba ne, shi ya sa tsami ya yi mata yawa. Tunda kin ce ranar Asabar ƙawayenki za su zo, ga yadda za ki yi.

Da farko ki daina wahalar da kanki wajen neman ɗanyen tumatir a wannan lokaci na hunturu. Wanda kike gani a kanti, mai tauri da fari-fari a ciki, an tsinko shi ne bai gama nuna ba don ya jure doguwar tafiya. Na gwangwani kuwa sai ya nuna ake tsinkarsa, a ɓare shi, a rufe. A miya ya fi wancan nesa ba kusa ba. Abu biyu ne kawai za ki yi fama da su, yawan ruwa da tsami, kuma duka biyun suna da magani.

In kin je kanti za ki tarar da tumatirin kala-kala, kuma ba aiki ɗaya suke yi ba. Wanda nake so ki saya shi ne dogon tumatir ɗin nan da aka ɓare aka zuba guda-guda a cikin ruwansa, gwangwani mai giram 400. Shi ya fi tsoka, kuma yawanci shi ya fi ƙarancin tsami. Gwangwani ɗaya yana tsaya wa matsakaitan ɗanyen tumatir biyar zuwa shida. Yankakke ma yana yi in babu wancan, amma ki juya gwangwanin ki karanta abin da aka zuba. Wasu kamfanoni suna sa masa kalsiyam kulorayid don kada yankan ya narke, shi ya sa za ki dafa ki dafa, ki ga ƙananan gutsattsari suna nan yadda suke. Akwai kuma tatacce na kwalba ko kwali, wanda aka niƙa aka cire 'ya'yan, shi ba ya buƙatar blenda. Sai mai kauri na ƙaramin gwangwani ko na matsawa kamar man goge baki. Wannan ɗin na ƙarin launi da kauri ne, cokali biyu ya isa, kada ki yi miya da shi zalla. Duk wanda kika ga an rubuta an haɗa shi da ganyen ƙamshi ko tafarnuwa ko sukari, ki bar musu abinsu, na taliya ne, zai sauya miki ƙamshin miya gaba ɗaya. Abin da ya kamata ki gani a jerin kayan shi ne tumatir da ruwan tumatir, wataƙila da sitirik asid, wani lokaci da gishiri.

Tattasai ne ya fi buƙatar lura. Wanda ake sayarwa a kwalba ko gwangwani gasasshe ne, an cire masa fata da 'ya'ya, an jiƙa shi a ruwa. Wannan ruwan ne abin dubawa. Wani ruwan gishiri ne kawai, wani kuma an zuba masa binega da sukari. Ki zaɓi na ruwan gishiri. In mai binega kaɗai kika samu, ki tsiyaye ruwan duka, ki wanke tattasan a ƙarƙashin famfo, ki jiƙa shi a ruwan ɗumi na minti goma, ki sake tsiyayewa, ki matse shi da hannu. Ina kyautata zaton nan rabin tsamin miyarki ya fito, don a hoton na hango kwalbar wayam, ko ɗigon ruwa babu. Ki kuma lura da nauyi biyu da ake rubutawa a jikin kwalba: na duka abin da ke ciki, da na bayan an tsiyaye ruwa. Na biyun ne naki. Kina buƙatar giram 200 zuwa 250 na tsiyayayyen tattasai ga kowane gwangwanin tumatir ɗaya. Kada ki yi masa ƙwauro. Tattasai ne ke ba miya ja da zaƙi da kauri, kuma in ya yi kaɗan tumatir ne zai mamaye tukunya.

Yaji kuma ba na so ki nema a kwalba. Barkonon da ake jiƙawa a binega tsaminsa ya fi yajinsa, kuma babu ƙamshin attarugu a cikinsa. Duk ran da kika ci karo da ɗanyen attarugu, ko ɗan'uwansa da ake kira habanero, ki saya da ɗan dama, ki wanke, ki shanya ruwan jikinsa ya bushe, ki cire hancin, ki ƙulle a leda ki jefa firiza. Yana yin watanni, kuma a daskare ake jefa shi blenda. Ƙwaya ɗaya ta isa wannan tukunya, biyu in baƙin naki masu cin yaji ne. In bai samu ba kafin Asabar, rabin ƙaramin cokali na garin barkono zai yi, ki ɗanɗana kafin ki ƙara.

Ga ma'aunin miyar mutum huɗu zuwa biyar: gwangwanin tumatir ɗaya, tattasai giram 250, manyan albasa biyu, attarugu ɗaya, tumatir mai kauri babban cokali biyu, mai mililita 120, wato rabin kofi, kaza kilo ɗaya, tafarnuwa ɓare uku, 'yar citta, kori, tayim, dunƙule biyu da gishiri.

Ki fara ɗora kazar da rabin albasa ɗaya, da tafarnuwa da citta da kori da tayim da dunƙule ɗaya da ɗan gishiri. Ruwa kaɗan, kofi ɗaya da rabi, don romo mai ƙarfi ake so. In ta dahu ki tsame ta ki soya ko ki gasa a oben, ki tace romon ki ajiye.

Kafin nan ki juye tumatirin a mataci, ki tari ruwan a kwano, kada ki zubar. Tsokar ki zuba a blenda tare da tattasai da attarugu da albasa ɗaya. Kada ki ƙara ruwan famfo ko kaɗan. In blendar ta ƙi juyawa, ki ɗebo daga ruwan tumatirin da kika tara. Ki riƙa dannawa kina saki, kamar sau shida ko bakwai, markaɗen ya fito da ɗan ɓarzo. In kika bar blenda tana ta gudu, iska ce ke shiga, sai jan ya koma ruwan goro, kuma miyar ta yi laushi fiye da kima.

Sai ki juye markaɗen a tukunya mai faɗi, ki haɗa da sauran ruwan tumatirin, ki ɗora a matsakaiciyar wuta ba mai, ba murfi. Minti goma sha biyar zuwa ashirin, kina juyawa lokaci-lokaci, har ya ragu kusan rabi. In kin ja ludayi a tsakiya kika ga gindin tukunya kafin ya sake haɗewa, ya yi. Murfi shi ke mayar da tururi cikin tukunya, ruwan da kike so ya fita ya dawo. In fallatsa ce ta dame ki, ki ɗora murfin a karkace. Tukunyar kuma ta zama ta sitenles, wato farin ƙarfe mara tsatsa, ko mai shafi a ciki, don tsamin tumatir yana cin alminiyam da baƙin ƙarfen da ba a shafe ba, miya ta fito da ɗanɗanon ƙarfe.

Suya ita ce miyar, a nan za ki yi haƙuri. Ki zuba man a wata tukunya ya yi zafi amma kada ya yi hayaƙi, balle ƙararrawar hayaƙin ɗakin girkinku ta tara miki jama'a. Ki soya ragowar rabin albasar, yankakkiya siriri, har ta yi laushi ta fara ja, kamar minti bakwai. Zaƙin albasar nan yana cikin abin da ke danne tsami. Sai tumatir mai kauri ya shiga cikin man kai tsaye. Ki rage wuta, ki yi ta juyawa minti huɗu zuwa biyar, har ya wargaje ya yi tsaki-tsaki, launinsa ya ƙara duhu, man ya rine ja. Wannan matakin ne mutane ke tsallakewa, su jefa shi a ƙarshe, sai miya ta riƙa warin gwangwani. Amma kada ki kau da ido, yana ƙonewa da sauri, kuma in ya ƙone ɗacinsa ba ya fita. Murhun lantarki ba ya hucewa nan take in an rage shi, saboda haka in kin ga zai kama, ki ɗaga tukunyar gefe na ɗan lokaci.

Yanzu ki zuba dafaffen markaɗen, da garin barkono in shi za ki sa, ki soya minti goma sha biyar zuwa ashirin, kina kankare gindi da ludayin katako duk bayan minti biyu. Agogo zai taimaka, amma ido da baki ne alƙalai. Tafasa za ta koma ƙarar suya, mai zai taso ya kewaye gefe, ja ya yi zurfi, kuma in kin ɗanɗana ba za ki ji ya kama miki gefen harshe ba. A nan ne za ki zuba romo kofi ɗaya, da sauran dunƙulen, da kazar, ki rage wuta sosai na minti goma. Gishiri sai a ƙarshe, bayan kin ɗanɗana, don tattasan kwalba ya riga ya zo da nasa, romon ma haka.

In kin yi duk wannan tsami bai tafi ba, bekin soda ke yin aikin kanwa. Ban ce bekin foda na kek ba, su biyun daban ne. Ki ɗebi abin da yatsu biyu za su kama, ki barbaɗa, ki juya. Za ta yi ɗan kumfa, ki jira minti biyu ki ɗanɗana. Kada ya wuce ɗaya bisa takwas na ƙaramin cokali ga gwangwani ɗaya. In ya zarce, miya ta yi duhu ta koma ɗanɗanon sabulu. Sukari ba ya kashe tsami, rufe shi kawai yake yi, kuma ni ba na son sa a miya. In zaƙi kike so, ki markaɗa ƙaramin karas ɗaya tun farko. In kuma launi ne bai gamsar da ke ba, babban cokali ɗaya na garin jan tattasai mara yaji, wanda ba a kyafa da hayaƙi ba, a zuba lokacin suya.

Gwangwanin da ya kumbura, ko yake yoyo, ko ya lotse a bakin murfi, ko ya feso lokacin buɗewa, ki jefar da shi ko ɗanɗanawa kada ki yi, gubar da ke iya kasancewa a ciki tana kisa. Abin da ya ragu kuma kada ya kwana a buɗaɗɗen gwangwani, ki juye a roba mai murfi, ki sa a firji, ki yi amfani da shi cikin kwana uku. Mai kaurin ki raba shi cokali-cokali a farantin ƙanƙara ki daskarar. Ita miyar tana yin kwana uku zuwa huɗu a firji, wata uku a firiza. Tunda jarrabawa ta matso, ki ninka ma'aunin, ki ƙara lokacin ƙafewa da kamar minti goma, ki raba a ƙananan robobi, ki rubuta sunanki a kai tunda firjin na tarayya ne.

Ki turo min hoton tukunyar lokacin da man ya taso, kafin ki zuba romo. Kawunki da yara suna gaishe ki. Allah Ya ba da sa'ar karatu.

Gwaggonki, Rabi.