Endosifo: dalilin da ya sa tafasa ba ta kashe wasu bakteriya

Maganar da aka saba faɗa cewa in ruwa ya tafasa shi ke nan duk wata ƙwayar cuta ta mutu gaskiya ce amma da sauranta. Ƙwayoyin kwalara da taifot ba sa jure tafasa, don haka mai dafa ruwan sha ya ci gaba da abinsa. Sai dai akwai wasu bakteriya, musamman dangin Bacillus da Clostridium, da in duniya ta yi musu zafi abinci ya ƙare sai su yi wani abu da ake cewa endosifo, wato ɗan ƙulli mai tauri da ke kwanciya kamar matacce har yanayi ya gyaru, to wannan kam ka iya tafasa shi tsawon awanni wani ya fito garau.

Ba haihuwa ba ce fa, nan ɗalibai da yawa ke zamewa a jarrabawa. Ƙwaya ɗaya endosifo ɗaya take yi, ba a samu ƙari ba. Tana kwafe DNA ɗinta, ta raba kanta gida biyu ɗaya babba ɗaya ƙarami, sai babban ya haɗiye ƙaramin ya yi ta gina masa riguna a cikin cikinsa, in aiki ya kammala uwar ta fashe ta mutu ta sake shi. A Bacillus subtilis abin na ɗaukar kamar awa 8 a ɗakin gwaji.

In ka faro daga waje, wasu irin su Bacillus anthracis da Bacillus cereus suna da wani sakakken mayafi a can waje. Ƙarƙashinsa akwai riga mai kauri ta furotin hawa-hawa, ita ke tare sinadarai da inzayim, wato furotin masu gudanar da aikin sinadarai, irin masu narka bangon ƙwaya, kai ko kala ba ta shiga ta daɗi, shi ya sa a lab sai an haɗa da tururi kafin koriyar kalar malakait ta kama shi, a madubin duba ƙwayoyin cuta ka ga ɗan koren ɗigo a cikin jar ƙwaya. Sai kotes, wani bango mai kauri na feftidogilaikan, sinadarin da bakteriya ke gina bangonsu da shi, sai siririn bangon da zai zama bangon sabuwar ƙwaya in ta farka, sai tantani na ciki wanda kusan ba abin da ke ratsa shi. A can tsakiya kuma cibiyar take, DNA da raibozom masu ƙera furotin da inzayim duk suna nan a kwance ba aikin da suke yi.

Mutane na ɗauka kaurin rigar ne ke hana zafi shiga. Ina! Abin da tsawonsa bai wuce maikuron ɗaya ko makamancin haka ba, wato kashi ɗaya cikin dubu na milimita, nan da nan zafin cikinsa ke yin daidai da na ruwan da yake ciki. Zafi na shiga sarai, abin da zai dafa ne ba ya samu yadda yake so.

Yadda tafasa ke kisa shi ne ta lalata furotin, kuma ruwa ne ke taimaka mata. Dubi farin ƙwai, da ɗanyensa ruwa-ruwa ne, ka jefa a tafasasshen ruwa ya daskare ya yi fari fat kuma ba mai mayar da shi yadda yake, haka inzayim ɗin ƙwaya mai rai ke yi saboda jikinta kusan kashi 80 cikin 100 ruwa ne. Cibiyar endosifo kuwa an tsane ta, ruwan da ya rage tsakanin kashi 25 zuwa 50 ne na nauyinta, furotin ɗin sun matsu ba wurin motsi balle su warware su cakuɗe. Kotes na da hannu wajen riƙe cibiyar a tsuke haka. Ga kuma wani sinadari, asid ɗin difikolinik da ake taƙaitawa DPA, haɗe da kalsiyam, da ke cike gurbin ruwan da aka fitar, shi kaɗai yakan kai kusan kashi 10 cikin 100 na busasshen nauyin endosifo. DNA ɗin ma ba a bar shi haka ba, wasu ƙananan furotin da ake kira SASP suna liƙe masa su canja masa fasali, su ke kare shi daga zafi da bushewa da hasken UV. A ganina in mutum zai riƙe abu ɗaya a darasin nan to rashin ruwan cibiya ne.

Kuma ruwa a buɗaɗɗiyar tukunya ba ya wuce digiri 100 komai yawan icen da ka tura, a Jos ma saboda tudu wajen 96 yake tafasa. Shi ya sa asibiti ke amfani da otokilaf, tukunyar da ke kulle tururi har zafi ya kai digiri 121, a bar kaya aƙalla minti 15. Charles Chamberland, abokin aikin Pasteur, ya ƙirƙiro ta a 1879. Kafin nan Ferdinand Cohn ya bayyana endosifo a 1876, a shekarar da Robert Koch ya nuna su a ƙwayar antaras, cutar dabbobi da mutane da Bacillus anthracis ke jawowa, sai John Tyndall ya zo da wata dabara mai wayo: a tafasa yau, a ajiye su farka su zama ƙwayoyi na yau da kullum, gobe a sake tafasawa, jibi ma haka. Ba ta da tabbas irin na otokilaf amma ta nuna inda lagon yake, da zarar endosifo ya farka kariyar ta tafi.

Farkawar ma da sauri take. Ya ji alamar abinci, kamar amino asid ɗin alanin, sai ya fitar da DPA, ruwa ya kwarara ciki, kotes ya narke, cikin mintoci juriyar zafin ta ƙare. Abin takaicin shi ne ɗan zafi ma zaburar da shi yake yi. Nan matsalar shinkafar biki take, an dafa da asuba wuta ta kashe sauran bakteriya ta bar endosifo na Bacillus cereus ba abokin takara, a zuba a kula a rufe ta wuni da ɗumi-ɗumi, su farka su hayayyafa su zuba guba, ita kuma gubar mai sa amai ɗumame ba ya lalata ta, cikin awa 1 zuwa 6 baƙi sun fara amai ana ta zargin mai ko maggi. Miyar nama a babbar tukunya da ke hucewa a hankali kuma Clostridium perfringens ne ke cin kasuwarsa, shi da gudawa yake zuwa bayan kamar awa 8 zuwa 16. Abinci ko dai a riƙe shi da zafi sama da digiri 60, ko a raba a ƙananan kwanuka ya huce da wuri a sa a firji.

Zumar da ake lasa wa jarirai ma kan ɗauko endosifo na Clostridium botulinum, hanjin babba yakan fi ƙarfinsu amma na jariri bai yi ƙwari ba, don haka likitoci ke hana ba yaro zuma kafin ya shekara. Na tetanus kuma a ƙasa da kashin dabbobi suke zaune, tsatsar ƙusa ba ita ce cutar ba, kuma sifirit ko sanitaiza ba sa kashe su, shi ya sa ake nacewa a yanke cibiyar jariri da sabuwar reza kuma mai ciki ta yi allurar rigakafi. Daɗewarsu a ƙasa ba wasa ba ce, tsibirin Gruinard na Sikotland da sojan Birtaniya suka gwada antaras a kansa a 1942, sai a 1986 aka wanke shi da fomaldihaid, a 1990 aka ce ana iya shiga.

Ba duka ne na cutarwa ba dai. Daddawar da muke sa wa miyar kuka aikin Bacillus subtilis da 'yan uwansa ne, kalwa ta sha wuta awanni har an kashe kusan komai, a rufe ta da ɗuminta kwana biyu zuwa uku, su kuma masu endosifo, ko waɗanda suka tsira ko waɗanda ke maƙale a ƙwarya da ganyen rufi, su tashi su mamaye ta su narka furotin ɗinta, wannan yauƙin da ƙaƙƙarfan warin duk daga nan suke fitowa.