Ƙa'idojin kula da janaretan fetur na ɗakin aiki

Wannan bayani an rubuta shi ne domin ma'aikatan da ke kunna janaretan ɗakin aikinmu da kashe shi, kuma ya dace a ajiye shi tare da littafin awoyi. Injin da ake magana a kansa mai silinda ɗaya ne, mai bugu huɗu, girmansa sisi 196, iska ce ke sanyaya shi, kuma yana ɗaukar baƙin mai lita 0.6. Duk inda littafin kamfanin da ya ƙera shi ya saɓa da abin da ke nan, to a bi littafin kamfanin.

Abin da ya fi komai muhimmanci shi ne lissafin awoyin aiki, domin janareta da awoyi yake tsufa, ba da kwanakin wata ba. Injin yana juyawa sau 3,000 a minti ɗaya, wato sau 180,000 a kowace awa, saboda haka kafin ya cika awa 100 ya riga ya juya sau miliyan 18 a cikin man da bai kai lita guda ba. Tun da namu ba shi da agogon ƙidayar awoyi, wajibi ne duk wanda ya kunna ya rubuta lokacin da ya kunna da lokacin da ya kashe, sannan ya haɗa da jimillar da ya tarar. Idan ana kunna shi awa 5 a rana, awa 100 za ta cika cikin kwana 20 kacal, kuma wanda yake jiran "bayan wata shida" da ya gani a takarda zai bar injin ya yi awa 900 da mai ɗaya. Ƙa'idar ita ce, tsakanin awoyi da watanni, wanda ya riga cika shi ake bi.

Kafin kowace kunnawa a duba baƙin mai, injin yana kashe kuma yana zaune a kan daɓe mai daidai. A kwance murfin man, a goge ma'aunin da tsumma mai tsabta, a mayar da shi ba tare da an murɗa ba, a sake zarowa a duba. Idan man ya yi ƙasa, a ƙara har ya kai bakin ramin. Gaskiya ne akwai na'urar da ke kashe injin idan mai ya yi kaɗan, amma ba ta san mai ya lalace ba, yawansa kawai take ji, don haka kada a dogara da ita.

Juyen mai na farko ana yin sa ne bayan awa 20 na sabon inji, saboda a wannan lokaci fistin da zobbansa suna gogar jikin silinda suna zubar da ƙurar ƙarfe a cikin mai. Daga nan sai kowace awa 100, amma idan ana aiki cikin zafi mai tsanani ko ƙura, ko injin yana ɗauke da kaya kusa da iyakar ƙarfinsa, a rage zuwa awa 50. A wannan ɗakin aiki awa 50 muka tsayar, kuma dalili shi ne irin wannan ƙaramin inji ba shi da matatar mai, duk dattin da ya shiga yana nan yana zagayawa har ranar juye.

Idan za a yi juye, a kunna injin na 'yan mintoci domin man ya yi ɗumi ya saki, sannan a kashe, a rufe famfon fetur, a cire hular fulogi. A sa kwano a ƙarƙashi, a kwance murfin zuba mai da notin juye, a ɗan karkata injin domin ragowar ta fito. A dubi abin da ya zubo kafin a kawar da shi: baƙi ba abin tsoro ba ne, amma idan ya yi ruwa-ruwa yana warin fetur, to kafireto yana yoyo zuwa cikin inji, idan kuma ana ganin ƙyalƙyalin ƙarfe a injin da ya daɗe da wuce juyen farko, a kira bakanike. Sai a mayar da noti tare da washarsa, a ɗaure ba tare da wuce kima ba domin jikin injin alminiyam ne kuma zarensa yana saurin lalacewa. A zuba sabon mai na inji mai bugu huɗu, mai lamba 10W-30, ko SAE 30 a yanayin zafi. Kada a cika fiye da kima, domin mai da ya yi yawa yana kumfa, yana kuma haurawa ya jiƙa matatar iska. Tsohon man a zuba shi a jarka mai murfi a kai wa masu karɓarsa, kada a zubar a ƙasa ko a kwata.

Matatar iska tamu ta soso ce. A tsaftace ta kowace awa 50, ko kafin haka idan ƙura ta yi yawa. A wanke ta da ruwan ɗumi da sabulu, a ɗauraye, a bar ta ta bushe sarai, sannan a jiƙa ta da ɗan sabon baƙin mai a matse a tafin hannu har ya daina ɗiga, ba tare da an murɗe ta ba. Wannan ɗan man shi ne ke kama ƙura, busasshen soso kuwa barin ta yake ta wuce. Matatar da ta toshe tana sa inji ya sha fetur da yawa, ya yi baƙin hayaƙi, ya kuma ɓata fulogi. Kunna inji babu matata ya fi haka illa, domin yashin da ya shiga silinda goge ta yake yi. Idan soson ya yage ko ya fara marmashewa, a canza shi.

Fulogi kuwa a duba shi kowace awa 100, a canza shi bayan awa 300 ko shekara guda. A bari injin ya huce, a share dattin da ke kewaye da shi domin kada ya faɗa cikin silinda, sannan a kwance da sifanar fulogi. Launin bakinsa yana ba da labarin lafiyar injin: ruwan ƙasa mai haske alama ce ta ƙonewa mai kyau, busasshen baƙi mai kama da kunkunniya yana nuna fetur ya rinjayi iska ko an bar cok a rufe, baƙi mai maiƙo kuma yana nuna mai yana hayewa sama. A goge shi da burushin waya, a auna ratar bakinsa ta kasance milimita 0.7 zuwa 0.8. Wajen mayarwa a fara murɗawa da hannu har ya zauna, domin idan ya hau a karkace da sifana ba za a ji ba sai zare ya lalace. Daga nan sabon fulogi a ƙara masa rabin zagaye, wanda aka riga aka yi amfani da shi kuwa bai wuce rubu'in zagaye ba.

A awa 100 ɗin nan a wanke ƙaramin kofin da ke tara laka a ƙarƙashin famfon fetur. Gyaran ratar bawul a awa 300 aikin bakanike ne, mu namu shi ne mu sanar da shi lokaci ya yi. Idan za a ajiye injin fiye da wata guda, a zubar da fetur ɗin da ke cikin kafireto, domin tsohon fetur yana barin danƙo da ke toshe ƙananan hanyoyinsa.

Bayan kowane gyara a gwada injin a waje, nesa da ƙofa da taga da aƙalla mita 6, saboda hayaƙinsa yana ɗauke da iskar guba marar launi kuma marar wari wadda ke kashe mutum a rufaffen wuri. Kada a zuba fetur injin yana aiki ko yana da zafi. Wanda ya yi aikin ya rubuta kwanan wata da jimillar awoyi da abin da ya yi a littafi, ya kuma rubuta awar da juye na gaba zai faɗo, misali idan an yi juye a awa 370, a rubuta 420 a saman shafi inda mai kunnawa na gobe zai gani.