Wasiƙa zuwa ga injiniya kan sake ɗora Windows a kwamfutocin ofis

Assalamu alaikum Malam Injiniya,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, ya ƙoƙari? Na ga ya fi kyau in rubuto maka abin da muka tattauna a waya, don maganar baki saurin shiriricewa gare ta.

Kwamfutocin shida ne, huɗu na tebur, laftof biyu, kuma duka Windows 10 ke kansu. Tun 14 ga Oktoba, 2025 Microsoft ya daina aiko masa da gyaran tsaro na kyauta, shi ya sa nake son a goge su a ɗora Windows 11 sabo fil.

Amma don Allah kada ka goge komai sai na gani da idona cewa fayilolinmu sun kwafu kuma suna buɗewa. Wannan shi ne babban sharaɗina. Shekara uku da suka wuce wani mai gyara ya ce mini ya kwashe komai, ashe Documents kaɗai ya ɗauka. Akawunmu kuwa a kan Desktop take ajiye rasitai. Har yau ina tuna yadda ta zauna gaban allon tana buɗe folda bayan folda, duk wayam, hannunta na rawa. Wata biyu muka yi muna bin kwastomomi da waya muna roƙon su turo hoton rasit, wani bashin ma har yau bai fito ba. Saboda haka kowace kwamfuta ka kwafi Desktop, Documents, Downloads da Pictures na kowane asusu, da fayil ɗin Outlook mai ƙarewa da .pst, da shafukan da aka adana a Chrome. Manhajar lissafi kuma a fitar da kwafinta daga cikinta, akawu za ta nuna maka wajen. Na sayi faifan ajiya biyu, kwafi ɗaya a kowanne. Idan ka gama ka kira ni, mu buɗe fayil goma daga wurare daban-daban, sannan in ce bismillah.

Laftof ɗin nan biyu suna da BitLocker. Ka fitar da lambar ceto mai alƙaluma 48 ta kowacce ka buga mini a takarda kafin ka taɓa saitin BIOS, haka kuma sabuwar lambar bayan an gama ɗorin.

Biyu daga cikin na tebur sun kwana biyu. Ka duba su da `tpm.msc` ka ga ko suna da TPM 2.0, ka kuma duba ko Windows 11 ya yarda da furosesarsu. Idan ba su cika sharaɗi ba, kada ka bi ta bayan gida ka cusa musu shi. Ka faɗa mini kawai, ni zan yanke shawara ko canza su za mu yi. Wadda take kan tsohon faifai mai juyawa kuma, idan ta cancanta, a sa mata SSD, a ba ni tsohon faifan a hannu, don akwai bayanan mutane a ciki.

Batun lasisi ba sassauci. Windows da Office duka na asali muka saya, takardun suna wajena. Ba na son manhajar sata ko ɗaya, ko da kyauta ce, kuma Microsoft Defender ya ishe mu, kada a ƙara wani a kansa. Ma'aikata su samu asusun Standard kowa da sunansa, Administrator kuwa ni kaɗai, kuma ni zan buga kalmar sirrin da hannuna. Kada ka bar wata manhajar shiga daga nesa, irin AnyDesk, sai da sanina.

Firinta ita ce ke ba mu ciwon kai kullum bayan irin wannan aiki. Kowace kwamfuta ta buga shafin gwaji a gabana, sikanin kuma ya riƙa faɗawa foldar da muke tarayya a kanta kamar da. Ka bar Windows Update ya gama duk abin da zai sauke kafin ka tashi, kada ranar Litinin ma'aikata su zo su zauna kallon allo yana juyawa.

Ranar Asabar da ƙarfe takwas na safe zan buɗe maka ofis, kuma a nan za a yi aikin, babu kwamfutar da za ta fita. Ka fara da ta wajen karɓar baƙi, ta akawu ta zama ta ƙarshe. In ka gama, ka bar mini takarda ɗaya mai ɗauke da lambar jikin kowace kwamfuta da abin da aka ɗora mata, in haɗa da rasit ɗinka.

Idan akwai abin da ka ga bai dace ba a cikin waɗannan, ka fi ni sanin aikin, ka kira ni kafin Alhamis mu daidaita.

Na gode ƙwarai, Allah ya taimaka.

Naka,
Mai ofis